Gwajin lilo ya ba ni g = 10.8, me zan rubuta a sashen kurakurai?

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina shekarar farko a karatun kimiyya, kuma an ba mu rubuta rahoton gwajin lilo, wanda ake rataye ƙwallon tagulla da zare domin a gano g, wato yawan ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa saboda jan ƙasa. Ni da abokiyar aikina mun ɗauki tsawon zare guda biyar, a kowanne muka auna lokacin lilo 20, kuma ga abin da muka samu:

```
L (m)    0.40   0.60   0.80   1.00   1.20
t (s)    24.8   30.0   34.6   38.5   42.2
```

Na raba kowane lokaci da 20 na sami T, wato lokacin lilo guda, na zana giraf na T² a kan L, ɗigogin suka hau layi miƙaƙƙe sosai, gangaren layin ya fito 3.64, daga nan kuma g ya fito 10.8 maimakon 9.8. A ƙarshen takardar akwai tambayoyi uku: in ambaci abin da muka sauya da abin da muka auna da abin da muka tsare, in bayyana inda kuskure ya shigo, sannan in faɗi yadda za a gyara hanyar gwajin. Na rubuta cewa kuskuren ɗan Adam ne da kuma iska, mai duba mana aiki ya ja layi a ƙarƙashi ya ce wannan ba amsa ba ce. Ina roƙon a haska mini.

Ɗan Arkilla:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayar farko ba ta da wahala. Abin da kika sauya da hannunki shi ne tsawon zare, abin da ya biyo baya kika auna shi ne lokacin lilo, abubuwan da kika tsare kuma su ne nauyin ƙwallo da kusurwar da kike sakinsa. Game da kuskure, abubuwa uku ake rubutawa kullum kuma ana samun maki da su: jinkirin yatsa wajen danna agogo, turjiyar iska, da buɗe kusurwa fiye da kima. Ki ƙara da zafin gari, domin a Sakkwato cikin watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, kuma kowa ya san zafi yana miƙar da abu.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Amsar Ɗan Arkilla ga tambayar farko ta yi daidai, amma jerin kurakuransa shi ne ainihin abin da mai duba aikin ya ƙi karɓa, sai dai an yi masa ado. Duk kuskuren da za a ambata a rahoto, wajibi ne a tambaye shi abu biyu: wane gefe yake tura sakamako, kuma da nawa yake tura shi. Sakamakonki, ɗiyata, ya haura gaskiya da kusan kashi 11 cikin 100, saboda haka muna neman abin da ke ɗaga g sama, kuma mai ƙarfin da zai ɗaga shi har haka.

```
T² = (4π²/g) L
g = 4π² / gangare
```

Daga wannan za ki ga cewa g yana hawa ne idan lokacin da aka rubuta ya gaza na gaskiya. To mu ɗauki kusurwa. Idan aka buɗe lilo da yawa, lokacinsa ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. A digiri 10 ƙarin bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba, a digiri 30 kuma yana kai wa kusan kashi 1.7, wanda zai saukar da g da kimanin kashi 3.4. Ko da kun buɗe kusurwar sosai, abin da za ku samu shi ne 9.4 ko 9.5, ba 10.8 ba. Turjiyar iska ma gefen nan take turawa, kuma a kan ƙwallon tagulla tasirinta a kan lokaci ƙanƙane ne ƙwarai. Abin da take ragewa a zahiri shi ne faɗin lilon. Waɗannan biyun ba su da hannu a matsalarki, kuma rubuta su a matsayin dalili yana nuna wa mai dubawa cewa ba a zauna an yi tunani a kan lambobin ba.

Ɗan Arkilla:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun kusurwa, amma jinkirin yatsa fa? Idan ta makara wajen kunna agogo, lokacin da ta rubuta zai gaza, kuma g zai hau kamar yadda ka ce.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Zai iya turawa ta wannan gefe, sai dai mu duba girmansa. Jinkirin mutum tsakanin gani da dannawa yana kusan sakan 0.2, kuma yana shigowa ne sau biyu, a farawa da a tsayarwa, don haka sau da yawa na farko yana cinye na biyu. Mu ƙaddara ma bai cinye ba. Sakan 0.2 a cikin 24.8 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a cikin 42.2 kuma rabin kashi ne. Tun da T ana ninka shi da kansa, kuskuren yana ninkuwa biyu a cikin g, ya zama kashi 1 zuwa 2. Har yanzu da sauran tafiya kafin a kai kashi 11. Ban da haka, irin wannan kuskure yau yana faɗawa sama gobe ƙasa, alamarsa kuma ita ce ɗigogi su watsu a gefe da gefen layi. Ita kuwa ta ce ɗigoginta sun hau layi, kuma na gwada lambobin na ga gaskiyarta. Ɗigogi a kan layi tsaf amma gangare ba daidai ba, wannan alamar kuskure ne mai karkata gefe guda, wanda ya shiga kowane awo da kaso iri ɗaya.

Zafin gari kuwa, ko da waya ta ƙarfe aka rataye ƙwallon, ƙarin digiri 20 ba zai miƙar da mita guda fiye da rubu'in milimita ba, abin da rular mita ba ta iya gani. Kuma ai a cikin zafin aka auna tsawon, ba a wani ɗaki mai sanyi ba.

Baba Mai Lab:
Na daɗe ina fitar wa yara kayan wannan gwaji ina mayarwa, kuma kafin a shiga lissafi mai zurfi ina da tambaya guda ga ɗiyata. Lokacin da aka saki ƙwallo aka danna agogo, me mai ƙirga ta furta a daidai wannan lokaci, "ɗaya" ko "sifili"? Sannan tsawon zaren, daga ina zuwa ina kuka ɗora rula?

'Yar Mabera:
Baba, ni ce nake riƙe da agogo, abokiyata ce ke ƙirgawa. Na kira ta yanzu, ta ce tana sakin ƙwallo take cewa "ɗaya", idan ya je ya dawo hannunta ta ce "biyu", har zuwa 20, ni kuma in tsayar. Tsawo kuwa mun auna ne daga inda zare ya fito daga maƙalar sama zuwa ƙullin da ke jikin ƙugiyar ƙwallo.

Baba Mai Lab:
To lilo 19 kuka auna, kuka raba da 20. Lokacin da ta ce "ɗaya" ƙwallo bai je ko'ina ba tukuna, lokacin da ta ce "biyu" ne ya cika lilo guda. Malam zai yi muku lissafin, amma wannan 10.8 ɗin na sha ganinsa a takardun yara, har ya zama da na hango shi nake tambayar yadda aka yi ƙirga.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Baba ya kama bakin zaren. Idan lilo 19 aka ɗauka a matsayin 20, kowane T ya ragu da kashi 5 cikin 100, g kuma zai hau da 20/19 sau 20/19, wato 1.108. Ki ninka 9.78 da 1.108, za ki sami 10.84, wanda shi ne abin da girafinki ya bayar. Ta ɗaya gefen, idan kika raba 24.8 da 19 za ki sami 1.305, T² ya zama 1.704; 42.2 kuma ya ba da 2.221, T² ya zama 4.933. Bambancinsu 3.229 ne a kan tazarar mita 0.80, gangare ya zama 4.04, g kuma 9.78. Kada dacewar lambar ta ruɗe ki har ki ɗauka awonku ya kai wannan kyau, domin da irin agogonku da rularku duk abin da ya faɗo tsakanin 9.7 da 9.9 daidai ne. Abin da ke da nauyi shi ne wannan dalili ya dace da gefen kuskuren kuma ya dace da girmansa, abin da sauran suka kasa.

Ɗan Minannata:
Ni ma na yi wannan gwaji lokacin shirin WAEC, g ɗina ya fito wajen 39, malaminmu ya yi ta dariya. Ashe idan ƙwallo ya je gefe guda nake ƙirga ɗaya, idan ya dawo in ƙirga biyu. Ina ganin ita ma abin da ya same ta ke nan. Abin da nake so a taimaka mana da shi shi ne a rubuto jerin matakan kiyayewa guda biyar da za a iya haddacewa, tun da a jarrabawa guda biyu kawai ake nema, kowa ya ɗauki wanda ya tuna.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Naka daban ne da nata, ko da yake dangin juna ne. Kai ka ƙirga rabin lilo a matsayin cikakke, T ya koma rabi, T² ya koma rubu'i, g ya ninka huɗu, shi ya sa ka ga 39. Irin wannan ba ya ɓuya. Nata ya fi haɗari domin 10.8 yana kama da amsa, musamman ga ɗalibin da ya saba ɗaukar g a matsayin 10 a lissafin aji, sai ya ga ai bai yi nisa ba. Jerin haddacewa kuwa ba zan rubuta ba a nan, domin tambayarta ta rahoto ce a kan gwajin da aka riga aka yi, ba ta jarrabawa ba, kuma amsar rahoto daga lambobin mai rahoton take fitowa.

Malama ta Gawon Nama:
Ni darasin halittu nake koyarwa, don haka ku yi mini uzuri idan na kauce. A wurinmu, idan muka sa yankan dankali a ruwan gishiri, kullum muna ajiye wani yanka a ruwa zalla domin kwatantawa. Da na karanta tambayar farko sai na ɗauka irin wannan ake nema, wato wane lilo ne aka ajiye ba a taɓa ba. Idan ba haka ba ne, ina da wata tambayar: an ce nauyin ƙwallo ba ya shafar lokacin lilo, to don me za a lissafa shi cikin abubuwan da aka tsare? Abin da ba ya tasiri, tsare shi da barinsa ai duk ɗaya ne.

Ɗan Arkilla:
Malama, a nan babu lilon kwatanci, abin da ake nufi shi ne abubuwan da ba a bari sun sauya ba daga awo zuwa awo. Nauyi kuma ana rubuta shi ne kawai domin haka aka saba, ni ma na san ba ya cikin lissafin.

Baba Mai Lab:
Ba sabo ba ne kawai, yaro. A takarda nauyi ba ya ciki, amma a kan tebur idan ka canza ƙwallo ka canza abu uku a lokaci guda. Girmansa ya sauya, don haka tsakiyarsa ta matsa, tsawon lilo ya sauya ke nan ba ka sani ba. Zaren auduga yana ƙara miƙewa a ƙarƙashin ƙwallo mai nauyi. Ƙwallo marar nauyi kuma, irin na roba ko na katako, iska tana kashe lilonsa tun kafin a kai 20, balle a ce fanka tana juyawa a sama, wadda a ɗakunanmu ba mai son a kashe ta da rana. Saboda haka ni abin da nake so in gani a rahoto shi ne "ƙwallo guda aka yi amfani da shi a duk awon", tare da dalili, ba kalmar nauyi ita kaɗai ba.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Na goyi bayan Baba, kuma wannan ya kai mu ga yadda ya kamata a amsa tambayar farko. Ambaton suna kawai rabin amsa ne. Ki rubuta cewa abin da aka sauya shi ne tsawon lilo, daga mita 0.40 zuwa 1.20 da tazarar 0.20, an auna da rular mita daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Abin da aka auna shi ne lokacin adadin lilo kaza da agogon hannu, daga gare shi aka fitar da T. Abubuwan da aka tsare kuma kowanne ki faɗi yadda aka tsare shi: ƙwallo guda, zare guda, kusurwar saki ƙasa da digiri 10, adadin lilo iri ɗaya. Wanda ya rubuta haka, da ya iso wurin "daga wuri kaza zuwa wuri kaza" zai tsaya da kansa ya lura da kuskure na biyu, wanda Baba ya tambaya a kai muka wuce shi.

Tsawon lilo yana farawa ne daga inda zare ke lanƙwasawa a sama, ya ƙare a tsakiyar ƙwallo, ba a ƙulli ba. Ku kun bar ƙugiya da rabin kaurin ƙwallo a waje, kuma girafinki ya riga ya faɗa miki yawan abin da kuka bari. Ki miƙa layin baya zuwa inda L yake sifili. Da komai daidai ne, da ya bi ta sifili, domin lilo marar tsawo ba shi da lokaci. Naki yana yanke layin tsaye a wajen 0.074. Ki raba wannan da gangare, 3.64, za ki sami mita 0.02, wato santimita 2. Ki je ki ɗora kalifa, wato ma'aunin kauri, a kan ƙwallon, ina sa ran rabin kaurinsa da tsawon ƙugiyar za su haɗu su ba da kusan haka.

'Yar Mabera:
Malam, a gaskiya na ga layin bai bi ta sifili ba, har na yi niyyar in karkatar da rula kaɗan domin ya bi, tun da an koya mana cewa T² da L suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Idan tsawon da muka rubuta ya gaza da santimita 2 a kowane awo, ya aka yi g ya fito 9.78 bayan gyaran ƙirga kaɗai, ba tare da an gyara tsawon ba?

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani a zaren nan, kuma amsarta ita ce dalilin da ya sa aka ce ku zana giraf maimakon ku lissafa g daga awo guda. Gangare yana fitowa ne daga bambancin tsawo biyu. Tsakanin 0.40 da 1.20 akwai 0.80, tsakanin 0.42 da 1.22 ma 0.80 ne. Ƙarin santimita 2 a kowane ɗigo yana matsar da layin gaba ɗaya zuwa gefe, amma ba ya sauya karkatarsa. Don haka kuskuren tsawo ya ɓuya daga gangare ya bayyana a inda layi ya yanke, kuskuren ƙirga kuma, da yake kaso ne ba adadi tsayayye ba, a gangaren ya bayyana. Kurakurai biyu ne, kowanne da inda ya bar sawunsa.

Da kin bi ɗaya hanyar, ki lissafa g daga kowane awo na jadawalin, da kin sami 10.27 a gajeren zare da 10.64 a dogon, sauran ukun kuma 10.53 da 10.55 da 10.65. Santimita 2 kashi 5 cikin 100 ne na santimita 40, amma bai kai kashi 2 na santimita 120 ba, shi ya sa gajeren zare ya fi cutuwa. Da kin haɗa su kin raba, da kin sami wajen 10.5, kurakuran biyu sun cinye juna kaɗan, kin ga kamar abin ya fi kyau alhali kin rasa hanyar gano ko ɗaya daga cikinsu. Haka nan da kin tilasta wa layin bi ta sifili, da kin ɓata gangaren kuma kin share shaidar. Gara da kika bar rular a inda take.

Ɗan Arkilla:
To a sashen gyaran hanya sai ta rubuta cewa a maimaita awo sau da yawa a ɗauki matsakaici. Wannan dai ban taɓa ganin an ƙi karɓarsa ba.

Baba Mai Lab:
Idan mudu ya lotse a gindi, ko sau ɗari ka auna gero da shi ragagge zai ba ka. Da sun maimaita sau goma da wannan ƙirga, 10.8 za su yi ta samu, sai ma su ƙara sakankancewa. Maimaitawa maganin jinkirin yatsa ne, kuma ya kamata su yi, tun da awo ɗaiɗai suka ɗauka a kowane tsawo. Amma kowane gyara ya kamata a ɗaura shi da kuskuren da yake magancewa. Ga yadda nake nuna wa yara. A matse zare tsakanin tsagaggiyar toshiyar kwalba ko tsabar kuɗi biyu, domin wurin lanƙwasa ya zama guda, kada a naɗe shi a jikin sanda. A bar ƙwallo ya rataya sannan a auna, ba a kwantar da zare a tebur ba. A auna kaurin ƙwallo da kalifa a ƙara rabinsa. A kafa alama, ko fensir ne, a bayan zare daidai inda yake tsayawa idan ba ya motsi. A saki ƙwallo a bar shi ya yi lilo biyu ko uku ya daidaita, kuma a tabbata a miƙe yake tafiya ba kewaye yake yi ba. Sannan mutum guda ya riƙe agogo ya yi ƙirga, yana cewa uku, biyu, ɗaya, sifili, ya danna a kan sifili lokacin da zare ya gifta alamar, ya ƙirga ɗaya idan ya sake giftawa ta wannan gefen dai.

Malama ta Gawon Nama:
Baba, me ya sa a tsakiya? A ganina a ƙarshen lilo ƙwallo yake tsayawa, ya fi sauƙin gani.

Baba Mai Lab:
Tsayawar ce matsalar, Malama. A ƙarshe ƙwallo yana jinkiri, ido ba ya iya cewa ga ainihin lokacin da ya juya, kuma wurin juyawar yana matsowa ciki yayin da lilo ke mutuwa. A tsakiya yana wucewa da gudunsa mafi yawa, giftawar ta zama abu guda mai kaifi, kuma wurin ba ya sauyawa.

'Yar Mabera:
Na gode ƙwarai. Saura abu guda. Tun da mun gano 19 ne, zan iya gyara jadawalin in raba da 19 in miƙa 9.78 a matsayin sakamakona?

Ɗan Arkilla:
Ni ban ga laifi ba. Lokutan da ta auna na gaskiya ne, adadin lilon ne aka rubuta ba daidai ba, gyara shi kuma ba ƙirƙirar lamba ba ne.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
A nan na saɓa da kai, ko da yake hujjarka ba banza ba ce. Abin da muke da shi shi ne tunawar abokiyarta bayan kwanaki, da kuma dacewar lissafi. Agogon da ke tafiya a hankali da kashi 5 cikin 100 zai ba da waɗannan lambobi daidai wa daida, kuma babu yadda za a bambance su daga jadawalin. Ban ce shi ne ba, agogon lantarki da wuya ya yi haka, irin wanda ake murɗawa da hannu kuwa da ya tsufa yana iya yi. Gwada shi abu ne mai sauƙi: a kunna shi tare da agogon waya na minti biyu, idan yana da wannan ciwo zai gaza da sakan 6. Shawarata ita ce ta bar jadawalin yadda aka ɗauka, ta ba da 10.8, sannan a sashen kurakurai ta kawo batun ƙirga, ta nuna lissafin 19 da abin da ya bayar. Wanda ya sauya mai rabawa bayan ya ga amsar ba ta yi masa daɗi ba, ko da gaskiyarsa, ya buɗe ƙofar da gobe zai shiga ba da gaskiya ba.

Ɗan Minannata:
Malam, kana ta cewa 9.78, mu kuma 9.8 ko 9.81 muka sani. Wanne za ta kwatanta da shi?

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
g ba ɗaya ba ne a ko'ina. A kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, yana wajen 9.780, a ƙuryar arewa da ta kudu 9.832, saboda juyawar duniya da kumburinta a tsakiya. Lambar 9.80665 da aka amince da ita a 1901 ma'auni ne na yarjejeniya, ta fi kusa da abin da ake samu a wajen digiri 45 arewa ko kudu da wannan layi. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa, nata yana kusan 9.78. Da lilo ma aka fara lura da wannan: a 1672 Jean Richer ya kai agogon lilo daga Paris zuwa Cayenne, ya tarar yana makara da kimanin minti biyu da rabi a yini. Amma bambancin 9.78 da 9.81 kashi 0.3 ne cikin 100, kayan aikinta ba za su iya ganinsa ba, don haka ta ɗauki wanda takardar aikinsu ta bayar ta ambaci inda ta samo shi.

'Yar Mabera:
Na dawo da labari. Mai kula da ɗakin gwajinmu ya ba mu rabin sa'a yau. Agogon ya yi daidai da na waya a minti biyu. Kaurin ƙwallo santimita 2.4 ne, ƙugiya kuma wajen 0.8, jimlar abin da muka bari santimita 2.0. Mun daidaita mita 1.00 zuwa tsakiyar ƙwallo, muka kashe fanka, na ƙirga da kaina daga sifili, na sami 40.3 da 40.1 da 40.2. Matsakaici 40.2, T ya zama 2.01, g kuma 9.77. Lokaci bai ishe mu sauran tsawon ba.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:
Madalla. Ki lura da shaidar da ke hannunki yanzu, wadda ta fi tunawar kowa ƙarfi. A awon farko tsawon gaskiya 1.02 ne, ya fi na yau, amma lokacinsa 38.5 ya gaza na yau. Lilo mafi tsawo ba ya riga gajere. A 1.02 lilo 20 ya kamata ya ɗauki wajen 40.6, giɓin sakan 2.1 ke nan, lilo guda kuma a wannan tsawo sakan 2.03 ne. Ki sa wannan a rahoton a matsayin awon tabbatarwa, da kwanan watansa daban. Sakamakon yau ki rubuta shi 9.8 da ƙari ko ragin 0.1, domin sakan 0.2 a cikin 40.2 rabin kashi ne, ya ninku ya zama kashi 1, kuskuren rula na milimita biyu kuma ya ƙara kaɗan.

Ɗan Arkilla:
Yanzu da agogo ya fita daga zargi kuma awon yau ya tabbatar da 19, ina nan a kan ra'ayina cewa babban sakamakon rahoton ya zama na girafin da aka gyara, tun da ɗigo biyar sun fi awo a tsawo guda. Malam yana son 10.8 ya zauna a sama, ni kuma ina ganin ba a ɗora lambar da aka san ba daidai ba ce a matsayin amsa.

Baba Mai Lab:
Wannan ya danganta da mai duba aikin, wasu suna son a zana giraf na biyu a kan takarda guda da wani launi, wasu ba sa karɓar komai sai abin da aka sa wa hannu ranar gwaji. Ɗiyata, ki kai masa jadawalin farko da awon yau kafin ranar miƙawa ki tambaye shi wanne yake so a sama. Idan ya ba ku wata rabin sa'ar, ku fara da 0.40 da 1.20, ku ƙirga lilo 30 a gajeren, tun da shi ne lokacinsa ya fi ƙanƙanta.